Shin Ɗaga Ƙarfe Yana Hana Yaro Tsayi?

A zamanmu na ƙarshe wani dattijo ya kawo ƙorafin ɗansa mai shekara 15. Yaron ya samu gwangwanayen fenti biyu ya cika su da siminti, ya soka bututun ƙarfe a tsakani, kullum bayan la'asar shi da abokansa suna ta ɗagawa a bayan gida. Tsoron malam shi ne kada yaron ya tsumbure. Iyaye da dama suka ce su ma abin yana damunsu, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a nan.

Ɗaga nauyi daidai ƙarfin yaro, a gaban babba da ya san abin, ba ya hana tsayi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a kan haka a 2008, ta sake jaddadawa a 2020. Tsayin mutum galibi gado ne, sai kuma abinci da barci da lafiya. Gajartar da muke gani a wasu zakarun ɗaga ƙarfe ma ba ƙarfen ne ya jawo ta ba. Gajere ya fi samun sauƙin wasan, tunda tazarar da zai ɗaga nauyin kaɗan ce, shi ya sa irinsu suke yin fice.

Amma tsoron iyaye yana da tushe. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, kamar wuyan hannu da gwiwa, akwai guringuntsi wanda daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. Ya fi ƙashi laushi, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 13 zuwa 15 ga 'yan mata, 15 zuwa 17 ga samari, wasu ma su ɗan wuce haka. Idan wurin ya karye ba a gyara shi da kyau ba, wannan ƙashin kaɗai zai iya gajarcewa ko ya karkace. Irin wannan karaya ta fi zuwa daga faɗuwa a ƙwallo ko keke. A ɗaga ƙarfe kuwa, tana samun yaron da ya cicciɓi abin da ya fi ƙarfinsa sama da kai, don gasa, ba kowa a kusa.

Da muka je muka duba ƙarfen yaran, nan muka ga inda matsalar take. Ba wanda ya san kilo nawa ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma ba a iya ragewa, ɗan shekara 12 da ɗan 18 abu ɗaya suke kokawa da shi. Yaron da ake magana a kansa sau uku ya iya ɗagawa, a na ukun bayansa ya lanƙwashe, ya riƙe numfashi, hannun hagu yana rawa. Ana ta yi masa tafi, mu kuwa gabanmu faɗuwa yake yi.

Muka ce ya ajiye shi tukuna. Mako biyu ko uku na farko ya yi da nauyin jikinsa: tsuguno da miƙewa, da ture ƙasa da hannuwa. Ya koyi motsin da sandar tsintsiya har bayansa ya daina lanƙwasa. Bayan nan ya ɗauki jarkoki biyu iri ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita uku a kowace jarka, ya san abin da ke hannunsa. Ma'aunin shi ne nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 cikin natsuwa, yana fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Idan ya kasa kai takwas, ya yi masa yawa, a zubar da ruwa. Idan ya kai 15 ba wahala, ya ƙara rabin lita. Zagaye ɗaya zuwa uku a kowane motsi ya isa, sau biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, bayan ya ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma. Gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi kuwa, a bar ta sai ƙashi ya gama girma.

Abin da ya fi ƙarfen tayar mana da hankali shi ne allurai da ƙwayoyin kumbura jiki da wasu samari ke saye a ɓoye. Waɗannan kam suna iya rufe guringuntsin tun lokacinsa bai yi ba, tsayin ya tsaya cak. Yaron da bai gama balaga ba yana ƙara ƙarfi ne ba tare da damtsensa ya cika sosai ba, kada ya ga haka ya ɗauka sai da magani.

Iyaye su bambance ciwo biyu. Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya wuce cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma zafi a wuri ɗaya kusa da gaɓa, da kumburi, ko yaro ya kasa taka ƙafa ko juya wuyan hannu, wannan a dakatar da wasan a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a ce targaɗe ne a nufi wurin mai ɗori. Asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu. Yaro mai sikila, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ko farfaɗiya, ya ga likita kafin ya taɓa ko jarkar. Wanda kuma yake da babban yaya da ya ƙware a wannan wasa, muna roƙon ya yi mana magana, domin yaran bayan gidan nan har yanzu ba su da mai tsaya musu.