Takardar hula da ta tafi daji

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Maradi. Da rani, in an tashi daga karatu, nakan zauna gindin bedi ina saƙar hula da kwarashi. Wajen yayata na koya tun ina yaro. Ba ta taɓa rubuta mini komi ba. Ina kallon hannunta, ina yi, in na ɓata ta warware. Yau ina so in ba ku labarin ranar da na ce zan mai da wannan saƙa cikin takarda, da kunyar da na sha.

Cikin ɗalibaina akwai wani saurayi makiyayi. Ya iya karatu da lissafi kaɗan, kuma ya fara riƙe kwarashi. Wata hula tawa ta ba shi sha'awa, wadda ni na ƙago ta, mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Sai lokacin tafiya da shanu ya yi. Ya ce mini: "Malam, ba ni da lokacin zama kusa da kai. Rubuta mini yadda ake yi, in tafi da shi. In na saƙa uku ko huɗu, in saida a kasuwa." Na ce wannan abu ne mai sauƙi. Na yage takarda daga kaye, na rubuta layi shida, na miƙa mashi. Shi kuwa ya sayi zaren ulu da ɗan kuɗin da ya tara.

Bayan wata biyu ya komo. Ya fiddo hula uku daga jakarsa, bai ce komi ba. Ya sa ɗaya a kai, sai ta sauko har ta rufe mashi ido. Duk ukun haka suke. Ba wanda ya saya. Ya ce: "Malam, abin da ka rubuta shi na bi." Na karɓi takardar na duba. Gaskiyarsa. Laifin nawa ne.

Ga abin da ya faru. A saƙar kwarashi, kowane ɗauri guda muna ce mashi ido. Kafin ka fara kowane zagaye sai ka yi sarƙa uku don ka hau sama. Ni a hannuna sarƙa ukun nan ita ce ido na farko. Na san haka, amma ban rubuta ba. Abin da na rubuta shi ne: "Sarƙa 3, ido 12." Shi sai ya yi sarƙa uku, ya ƙara ido 12 a bayanta, ya samu 13. Ido guda ke nan ya shiga. To amma a zagaye na biyu ana ninkawa, sai ya samu 26 a maimakon 24. Na uku ya samu 39 a maimakon 36. Haka kuskuren ya yi ta haihuwa. Da ya kai zagaye na shida yana da 78, ni kuwa 72 nike nufi. Ido shidan nan sun ƙara wa bakin hula santimetir huɗu da rabi. Da na rubuta jimillar ido a ƙarshen kowane layi, da tun zagayen farko ya ƙidaya ya gane.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na kunna fitila, na ɗauki zare da kwarashi da alli. Na sake saƙa hular tun daga tushe. In na gama zagaye guda, sai in ajiye kwarashi, in ƙidaya, in rubuta a allo, sannan in wuce. Wannan ne darasi na farko da na koya: kada ka rubuta saƙa daga ka. Hannu yana yin abubuwa da yawa waɗanda kai ya manta da su.

Darasi na biyu, takarda ta fara da awo. Na auna kan saurayin da igiyar awo ta tela, bisa goshi da saman kunne. Na samu santimetir 56. Saƙa tana miƙewa, saboda haka hula ta gaza kai kaɗan don ta kama. Na nufi santimetir 54. Daga nan na auna hannuna. Na saƙa ɗan ƙyalle, na aza igiyar awo a kai, na ga ido 12 suna cin santimetir 9. To, 54 sau nawa 9 ta shiga cikinta? Sau 6. Ido 12 sau 6 kuwa 72 ne. Kun ga inda 72 ta fito.

Darasi na uku, ka faɗi ma'anar sunayen da kake aiki da su, don abin da ake kira da suna kaza a garinku, wataƙila wani suna gare shi a wani gari. Ni iri biyu na sa. Dogon ido: ka naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ka soka, ka jawo zare, ka ga zare uku a kan kwarashi, ka jawo ta cikin biyu, ka sake jawowa ta cikin biyun da suka rage. Gajeren ido: ka soka ba naɗi, ka jawo zare, ka jawo ta cikin biyu.

Ga takardar kamar yadda na gyara ta. A samanta na rubuta da manyan baƙaƙe: kowane zagaye yana farawa da sarƙa 3, kuma sarƙa ukun nan ita ce ido na farko, a ƙidaya da ita. In zagaye ya ƙare, a haɗa shi da kan sarƙa ta uku. Duk dogon ido ne, sai zagayen ƙarshe.

Tushe: sarƙa 4, a haɗa ta zama zobe.
Zagaye na 1: sarƙa 3, dogon ido 11 cikin zoben. Jimilla 12.
Zagaye na 2: biyu cikin kowane ido. Jimilla 24.
Zagaye na 3: ɗaya, sannan biyu cikin na gaba. Sau 12. Jimilla 36.
Zagaye na 4: ɗaya, ɗaya, sannan biyu cikin na gaba. Sau 12. Jimilla 48.
Zagaye na 5: ɗai-ɗai har uku, sannan biyu cikin na gaba. Sau 12. Jimilla 60.
Zagaye na 6: ɗai-ɗai har huɗu, sannan biyu cikin na gaba. Sau 12. Jimilla 72.
Zagaye na 7 zuwa na 13: ɗaya cikin kowane ido, ba ƙari. Jimilla 72 kowane zagaye.
Zagaye na 14: sarƙa 1 wadda ba a ƙidaya ta, gajeren ido cikin kowane ido. Jimilla 72. A yanke zare, a ɓoye bakinsa.

Ku duba, kowane zagaye na kan hula yana ƙaruwa da 12. Dalili shi ne dogon ido yana da tsawo, da'ira tana buɗewa da sauri, sai da ƙarin 12 za ta kwanta. In kun ga bakin saƙar yana lanƙwashewa kamar ganyen salati, ido ya yi yawa. In kun ga ta tashi kamar ƙoƙo tun ba ku gama zagaye na shida ba, ido ya gaza, ko kuwa hannu ya matse. Ku shimfiɗa ta a tabarma bayan kowane zagaye. In an gama na shida, faɗin kan hular daga baki zuwa baki ya zama wajen santimetir 17. Wannan ma na rubuta shi. Daga zagaye na bakwai, da yake an bar ƙari, saƙar da kanta za ta sauko ta zama jikin hula.

Akwai wani lissafi da mai rubutu zai yi kafin ya ba kowa takarda. Kowane layi yana cin idon zagayen baya, yana haifar sabo. A tabbata abin da ya ci ya yi daidai da abin da ke akwai. Ku ɗauki zagaye na 4. Ɗaya, ɗaya, sannan biyu cikin na gaba: ya ci ido 3, ya haifi 4. Ido 3 sau 12 ya zama 36, daidai da jimillar zagaye na 3. Ido 4 sau 12 ya zama 48, daidai da abin da na rubuta. In lissafin nan bai fita ba, mai saƙa zai iso ƙarshen zagaye da saura a hannu, ya rasa yadda zai yi da shi. Kowane layi na gwada shi haka da alli.

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na kai takardar wajen wata dattijuwa ta ajin mata, wadda ta iya kwarashi amma ba ta taɓa ganin hular ba. Na ce: "Inna, ki saƙa mini wannan, kada ki tambaye ni komi." Na zauna gefe na kama bakina. Zaman nan ya fi saƙar wuya. Ta bi layi-layi, ƙidayarta ta fita daidai har 72. Amma da ta gama, hular ba ta shiga kaina ba. Ta yi dariya ta ce: "Malam, ta jikana ce ka sa na saƙa." Muka auna. Hannunta ya fi nawa matsi: ido 12 nata santimetir 8 suke ci. To 8 sau 6, santimetir 48 ke nan. Ƙidaya daidai, hula ƙarama. Awon hannuna na yi shi a allo, amma ban sa shi cikin takarda ba. Sai na ƙara layi guda a sama: kafin ka fara, saƙa ɗan ƙyalle ka auna, in ido 12 bai kai santimetir 9 ba, ɗauki kwarashi mai kauri, in ya wuce, ɗauki siriri. Inna ta sake kwarashi, ta sake saƙa, hula ta zauna.

Hula ukun nan na saurayin, ni da shi muka warware su. Zaren bai lalace ba, sai dai ya yi ƙudundune, muka naɗe shi. Wata biyu na aikinsa kuwa sun tafi, ba ni da abin da zan biya shi da shi. Na kwafe mashi sabuwar takarda da bik, na sa ta cikin leda saboda raɓa. Na sa ya karanta mini ita da ƙarfi, daga tushe har zagaye na 14. Na ce ya ɗaura ɗan jan zare a farkon kowane zagaye, don in saniya ta ɓalle ya tashi, ya san inda ya tsaya.

Da ya sake komowa, hula ɗaya ce a kansa, ta zauna daidai bisa kunne. Biyun ya saida. Takardar ba ta wurinsa. Ya ce ya bar wa wani ɗan'uwansa a ruga, wanda ban taɓa gani ba, yana saƙa da ita.

Duk wanda ke son takardar nan, ya kwafe ta daga jarida kamar yadda take, kada ya tsallake jimilla ko ɗaya. Wanda kuma ke da tasa hular da ya ƙago, ya rubuta ta yana saƙa yana ƙidaya, ya ba wani ya gwada kafin ta bar gari. Na bar ku lafiya.