Lambobi Ashirin a Cikin Duhu: Me Mita Take Nufi Idan Ta Ƙi Karɓar Kati?

Bayan sallar isha'i, a wani dare na watan Afrilu a Kano, wuta ta ɗauke a gidan wata malamar jami'a, alhali fitilun maƙwabta suna ci. Nan take ta gane cewa yunit ɗinta ne ya ƙare. Zafin bai dame ta ba kamar firjin da ke ɗakin girki, domin a cikinsa take ajiye allurar insulin ta mahaifiyarta, wadda ba ta jure zafi. Ta sayi katin wuta ta manhajar banki, lambobi 20 suka shigo wayarta, ta danna su a ƙaramar na'urar da ke jikin bango. Na'urar ta daɗe tana nema, sannan ta nuna cewa ba ta samu mita ba.

A irin wannan gida mita ta kasu kashi biyu. Ainihin mitar tana can saman falwaya ko a akwati a waje. Abin da ke cikin ɗaki madannai ne da allo kawai, kuma a yawancin irinsu saƙo yana bin wayar wutar gidan ne ya isa mita. Saboda haka dole abubuwa uku su cika: a ce kamfani ya kawo wuta a layin, a ce na'urar tana jone da soket ɗin bango kai tsaye, kuma a ce tana da batir mai rai, tunda soket ɗin ba ya ba ta wuta idan yunit ya ƙare. A nan kuskuren farko ya ɓuya. Da wuta ta ɗauke, ƙaninta ya mayar da makunnin sauya layi zuwa ɓangaren janareto, wanda ko mai babu a cikinsa. Wannan ya yanke hanya tsakanin na'urar da mitar. Ta ce masa, "Auta, mayar da shi kan layin kamfani, ka kashe duk kayan wuta." Ta sake danna lambobin. Wannan karon saƙo ya isa, amma allo ya rubuta REJECT.

Ita wannan kalma tana da ma'ana takamaimai. Lambobi 20 ɗin nan saƙo ne da aka kulle da mabuɗin da aka ware wa mita ɗaya tak, bisa tsarin STS da mitocin Najeriya suke bi. Mita tana buɗe saƙon da nata mabuɗin, ta duba ko lissafin da ke ciki ya daidaita. Idan bai daidaita ba, sai ta ƙi. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka: an yi kuskure wajen dannawa, ko an sayi katin da lambar wata mita, ko kuma mabuɗin da ke cikin mitar ya bambanta da wanda kamfani ya kulle katin da shi.

Malamar ta fara da mafi sauƙi. Ta rubuta lambobin a takarda huɗu-huɗu, rukuni biyar, Auta yana karantawa tana dannawa tana duba allo. Ta yi haka sau ɗaya kawai, kuma ta yi daidai, domin mitoci da dama suna kulle madannansu na ɗan lokaci idan aka jera musu lambobin da ba su karɓa ba, jiran kuma yana ƙaruwa da kowane kuskure. Da REJECT ya sake fitowa, ta bar madannai ta koma kan rasit. Lambar mita, wadda galibi lambobi 11 ce, tana rubuce a rasit, tana kuma jikin katin da ake bayarwa tare da mita. Da ta gwada su, ba su zo ɗaya ba. Manhajar ta adana lambar mitar shagon mijinta tun wata saye da ta yi masa, ita kuma ta danna ba ta duba ba. Kuɗin bai salwanta ba, katin zai shiga mitar shagon lafiya lau, amma ko sau ɗari za a danna shi a gida ba zai shiga ba.

Da a ce lambar mitar daidai take, zargi na gaba shi ne mabuɗi. Kowane kati yana ɗauke da shaidar mintin da aka saye shi, kuma tsohon tsarin ya fara ƙirga mintunan ne daga farkon 1993. Gurbin ƙirgar bai wuce mintuna miliyan 16 da 'yan kai ba, sai ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Shi ya sa aka raba wa masu mita lambobi biyu na sauya mabuɗi, waɗanda rasit ke nunawa da sunan KCT, kowacce lambobi 20. Ana shigar da su ɗaya bayan ɗaya kafin lambar yunit. Mitar da ta daɗe a rufe, kamar ta gidan haya da ya jima babu kowa, tana iya kasancewa ba a taɓa sa mata su ba, don haka za ta ƙi duk sabon kati. Haka kuma katin da aka saya da tsohon mabuɗi ba ya shiga bayan an sauya.

Akwai wasu kalmomi biyu da mutane ke haɗawa da REJECT, alhali labarinsu daban ne. USED na nufin katin na wannan mita ne kuma ya riga ya shiga. Yakan faru idan mita ta karɓa amma amsarta ba ta dawo allo ba, ko wani a gidan ya riga ya sa shi. Abin yi shi ne a duba ragowar yunit. Idan akwai yunit amma babu wuta, sai a duba makunnin kariya na gida, ko kuma a rage kaya, domin mita tana yanke wuta idan nauyi ya wuce iyakar da aka sa mata, ta mayar bayan ɗan lokaci. OLD kuwa na nufin katin ya tsufa. Mita tana riƙe da shaidar katunan baya-bayan nan ne kawai, kuma idan wanda aka danna ya girmi mafi tsufa a cikinsu, ba ta da hanyar tabbatar da cewa ba a taɓa amfani da shi ba, sai ta ƙi. Wanda ya ajiye kati a waya ya ci gaba da sayen wasu na tsawon lokaci yana iya gamuwa da wannan, kuma kamfani ne kaɗai zai sake fitar masa da shi.

Akwai inda ya kamata mai gida ya tsame hannunsa. Idan mita ta nuna TAMPER ko alamar da ke nufin an taɓa murfinta, za ta iya riƙe wuta ko da yunit a ciki, kuma lamba ta musamman daga kamfani ce ke sakinta. Kiran mai gyaran wuta na unguwa ya buɗe ta yana iya jawo tara. A irin wannan hali, ko idan lambobin KCT ake nema, sai a kira kamfani da lambar mita, da rasit, da hoton abin da allo ya rubuta, domin rubutun yana ɗan bambanta daga wata mita zuwa wata.

Malamar ta goge tsohuwar lambar daga manhaja, ta rubuta ta gidan da hannunta, ta duba sunan da ya fito kafin ta biya. Ta danna sababbin lambobin, allo ya rubuta ACCEPT, firji ya tashi. Daga ɗaki tsohuwar ta ɗaga murya tana tambaya ko an kawo wuta. Ta amsa, "Ta dawo, Hajiya. Maganinki ma bai huce ba." Katin farko kuwa ta tura wa mijinta ya sa a shago da safe.