Takardar ajiye aikin nas: wa ake rubuta wa?

A asibitocin gwamnati na Ingila, waɗanda ke ƙarƙashin NHS, takardar da nas ke rubutawa idan za ta bar aiki ta tafi ƙaro ilimi ba ta cika wuce rabin shafi ba. Tana faɗin cewa ta ajiye aiki, ta ambaci ranar da za ta yi aikinta na ƙarshe, ta ce karatu za ta tafi, ta gode wa ɗakin jinyar da ta yi aiki a cikinsa, sannan ta yi tayin miƙa ayyukan da ke hannunta kafin ranar ta zo. Wanda ya saba da takardun ofis na gida zai ga kamar an yi rowar magana. Ni kuwa ina ganin tsawon ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne wanda aka rubuta wa takardar. A Ingila sunan shugabar ɗakin jinya ke kanta, wato matar da ke tsara jadawalin aiki, wadda ta san wa zai kwana da marasa lafiya ranar Talata mai zuwa. A asibitin gwamnati na Najeriya kuwa takardar babban daraktan asibiti ko hukumar kula da asibitoci take nufa, sai dai ta bi ta hannun shugabar ɗaki, ta hannun shugabar ma'aikatan jinya, kowa ya sa hannu ya tura gaba. Ta farko sanarwa ce ga waɗanda tafiyar za ta shafa, ta biyu neman sahalewa ce daga waɗanda ke riƙe da fayil. Daga nan sauran bambance-bambancen suka samo tushe, kuma a ganina majinyaci ya fi amfana da ta farkon.

A ɗauka ga wata nas a Ingila, a ɗakin masu ciwon suga da hawan jini, ta samu gurbin digiri na biyu da za a fara a ƙarshen Satumba. Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 mako ɗaya kacal ta wajabta wa ma'aikaci ya ba da sanarwa, amma kwantiragin aiki ya fi haka tsawo: a asibitoci da yawa mako huɗu ne ga nas mai mataki na 5, mako takwas ga mai mataki na 6, har mako goma sha biyu ga manya, kodayake kowane asibiti da nasa tsarin. Idan tamu mai mataki na 6 ce, ta miƙa takarda ranar 13 ga Yuli, to ranarta ta ƙarshe ita ce 7 ga Satumba, kuma dole ta rubuta ranar ƙarara. Dalili shi ne ana so a fitar da jadawalin aiki mako shida kafin lokacinsa. Sanarwar mako takwas na nufin ba za a saka sunanta a jadawalin da ba za ta cika ba, kuma shugabar ɗaki za ta iya neman izinin tallata gurbin tun a makon. Ranar ce kuma ke warware lissafin hutu. Nas da ba ta kai shekara biyar ba tana da kwana 27 a shekara ban da ranakun hutun ƙasa, kuma shekarar hutu a mafi yawan wurare daga Afrilu take farawa. Daga 1 ga Afrilu zuwa 7 ga Satumba ta cancanci kusan kwana 12. In ta riga ta ci 15, za a cire kuɗin kwana uku daga albashinta na ƙarshe. In 8 ta ci, sai ta ci ragowar ko a biya ta. Takardar da ta ce “zan tafi a watan Satumba” kawai ba ta ba kowa abin da zai yi aiki da shi ba.

Tayin miƙa aiki shi ne inda na fi so a dakata, domin a nan ake yawan fahimtar abin a baibai. Ba marasa lafiyar da ke kwance ake nufi ba, su kullum ana miƙa su a canjin aiki, safe da dare. Ana nufin ayyukan da suka maƙale wa mutum ɗaya a hankali har ba wanda ya lura cewa shi kaɗai ya san su. Nas ɗin tamu, misali, ita ce wakiliyar ɗakin kan kula da gyambo da ciwon kwanciya, ita ke zuwa taron wata-wata, ita ta san katifun iska guda nawa aka aro daga wani ɗaki da ranar mayar da su. Akwai ɗalibar jinya da take tantancewa, wadda ba za a sa mata hannu a littafin horo ba sai an yi zaman ƙarshe. Akwai rahoton faɗuwar wani dattijo daga gado da aka ba ta ta bincika, bai kammalu ba. Akwai binciken wanke hannu da take cikewa duk wata, da odar kayan ɗaurin ciwo da take turawa duk mako. Takarda mai kyau takan ce wani abu kamar haka: kafin ranar 24 ga Agusta zan rubuta bayanin waɗannan ayyuka huɗu, zan kammala tantance ɗalibata, kuma ina roƙon a nuna mini wadda za ta gaje ni a kan kula da gyambo domin mu yi aiki tare sau biyu. Ana gane miƙa aikin da bai yiwu ba bayan wata guda: kayan ɗauri sun ƙare ba wanda ya yi oda, ɗaliba tana yawo da littafi ba sa hannu, ana kiran wadda ta tafi a waya tana tsakiyar lacca.

Ba wai a gida ba a san miƙa aiki ba. Aikin gwamnati a Najeriya ya daɗe da al'adar rubuta takardar miƙa ragama, kuma ba a sallamar ma'aikaci sai ya zagaya da fom an sa masa hannu a sito, a ofishin kuɗi, a ƙungiyar adashen ma'aikata, a wajen masu kula da gidaje. Amma a duba abin da fom ɗin ke tambaya: mukullai, katin shaida, bashi, kayan gwamnati. Duk dukiya ce. Babu layin da ke tambayar wa ya san yadda ake lallaɓa na'urar iskar oksijin da ke ɗaukewa in wuta ta yi ƙasa, ko waɗanne masu ciwon suga ne ba sa dawowa sai an kira 'ya'yansu. Tsarin da ya mayar da takardar zuwa sama ya tsare abin da na sama ke jin tsoron ɓacewarsa, ya bar abin da ɗaki ke rasawa ga kirkin mai tafiya. Nas-nas da yawa suna da wannan kirkin, suna zama su yi wa abokan aiki bayani da baki. Matsalar ita ce abin da aka faɗa da baki ga mai aikin safe ba lallai ya kai ga mai aikin dare ba.

Za a ce, kuma da gaskiya, nas a gida ba ta da dalilin ajiye aiki don karatu, tunda akwai hutun karatu mai albashi da marar albashi, ta je ta yi kwas ɗin tiyata ko na ido ko digirin jinya, ta dawo kan kujerarta ta cika shekarun da ta sa hannu za ta yi. Wannan gata ne na gaske, kuma a wurin da samun aikin gwamnati ke da wuya ba mai hankalin da zai yar da shi. Ingila ma tana da makamancinsa, hutun dogon zango marar albashi daga wata uku zuwa shekara biyar ga wanda ya yi aƙalla shekara guda. Sai dai hutun karatu na wadda za ta dawo ne. Wadda ta san ba za ta dawo ba, ta nemi hutu don kawai ta riƙe igiya biyu, ta bar ɗakin da gurbi wanda a takarda cike yake, ba za a ɗauki wata ba, abokan aikinta su raba kwananta a tsakaninsu shekara biyu. Ta fi wannan muni wadda aka hana hutun ta ɗauke ƙafa ba sallama. Takardar ajiye aiki mai rana da tayin miƙa aiki ta fi duka biyun adalci ga waɗanda aka bari.

Za a kuma ce takardar Turawa ba ta da ɗumi, mu kuwa sallama a wurinmu da ƙafa ake yin ta: a je wurin matiron a ce “Ranki ya daɗe, na zo sallama, a yafe mini”, a bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, a yi addu'a. Ba na son a rasa wannan, kuma babu abin da ke cikin takarda da ya hana shi. A Ingila ma ana ganin rashin kyautawa ne shugabar ɗaki ta fara jin labarin daga takarda, ba daga bakin mai tafiya ba. Amma godiyar da aka rubuta tana da aikin da ta baki ba ta yi. Layi biyu da suka ambaci abu takamaimai, cewa a ɗakin nan na koyi kula da ƙafar mai ciwon suga kuma shi ya sa na zaɓi wannan karatu, suna zama a fayil. Nas a Birtaniya tana sabunta rajistarta da NMC duk shekara uku, kuma cikin sharuɗɗan akwai aikin jinya na awa 450 a tsawon lokacin. Mai karatu na bukatar waɗannan awoyi, shi ya sa da yawa suke ƙara layi ɗaya suna neman a bar sunansu cikin masu aikin cike gurbi, su riƙa zuwa a ƙarshen mako. Shugabar da za ta amince da wannan, ita ce kuma za ta rubuta mata shaidar aiki nan gaba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tsoro. Nas a gida za ta ce in ta faɗi gaskiya da wuri za a riƙe mata takarda, a ja mata rai a kan shaidar kyakkyawan hali, ko a jibga mata aikin dare har ta tafi. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma yana ƙaruwa duk lokacin da aka ɗora makomar ma'aikaci a kan sa hannun shugabansa, kamar yadda ƙa'idojin da hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya ta fitar a Fabrairun 2024 suka nemi takardar shaida daga shugaban wurin aiki kafin a tantance takardun mai son fita waje. 'Yan Najeriya da ke aiki a Ingila su ma suna da nasu ɗaurin: bizarsu a jingine take da asibitin da ya ɗauke su, asibitin zai sanar da hukumar shige da fice idan sun bar aiki, wasu kuma kwantiraginsu ya ce su mayar da wani kaso na kuɗin da aka kashe wajen kawo su. Don haka mai hankali ba ta miƙa takarda sai ta tabbatar da gurbin karatu da matsayin bizarta, ta kuma nemi a rubuta mata adadin da ake bin ta. Amma ko a wannan hali, da zarar ta miƙa, kwanakin sanarwa sun fara ƙirguwa, ba a jiran amincewar kowa. Wannan ne ya sa faɗin gaskiya da wuri ba ya da tsada a can. Asibitin gida da ke son ma'aikatansa su riƙa yin haka ba sai ya jira sabuwar doka ba. Zai iya sa wa takarda hatimin karɓa a ranar da aka kawo ta a ba mai ita kwafi, ya ƙara wa fom ɗin sallama shafi guda na ayyukan da ba a kammala ba da sunan wadda ta karɓi kowanne, shugabar ɗaki ta sa hannu a kai kafin sito da ofishin kuɗi su sa nasu.