Kwali Shida Da Jan Ɗigo

Da damina ta ja baya aka ce 'yar ƙanena za ta shiga aji ɗaya, can gida kusa da madatsar Watari. Shekararta biyar. Na zaga kasuwa ina neman abin da zan kai mata, sai takardun haruffan Turanci nake ta gani, masu p da q da x, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Yarinyar da kullum take cewa ƙafa, ina za ta ga ƙafarta a nan?

Sai na yanka kwalin sabulu gida shida. A kowanne na rubuta gaɓa ɗaya: ka, za, fa, ra, ƙa, ba. Gaɓa na zaɓa, ba harafi tilo ba, don Hausa yadda ake faɗarta kusan haka ake rubuta ta. In yaro ya haɗa biyu, kalma ta fito.

Muka zauna a tabarma bayan la'asar. Na jera mata ka da za. Ta ɗora yatsa, ta ce, "Zaka, Baffa." Na yi shiru. Ashe daga dama ta faro, yadda ta saba ganin yatsan malam na bin allo. Gaskiyarta, ni ne ban tuna ba. Na samo jan biro na ɗiga a gefen hagu na kowane kwali, na ce daga gefen mai jan ido za ki taso.

Kaza ta fito, kara ta biyo. Kafa da ƙafa kuwa har yau lanƙwasar ƙ tana ruɗa ta.