Ƙwan Fitila da Kurfoti

Mu 'yan aji huɗu ke da aikin goge fitilu kowace Alhamis, saboda karatun dare. Ƙwan da ya yi baƙi yana cinye hasken, sai ka ga yaro na manna ido a allo yana ƙarin wasali inda babu shi.

Ba ma taɓa ƙwai da ruwa sai ya huce sarai, don ɗigo ɗaya a kan mai zafi ya isa ya tsaga shi. Mukan fara share cikinsa da busasshen tsumma, domin baƙin hayaƙin nan maiƙo gare shi, in ya jiƙe tun farko sai ya dame gilashin duka. Daga nan sai ruwan sabulu, a ɗauraye, a kife shi ya bushe kafin a mayar.

In ya sake baƙi a dare ɗaya, to duba lagwani. Ko an ɗaga shi da yawa, ko bakinsa ya karkace har wutar ta yi ƙaho gefe guda. Mukan datse ƙonannen bakin daidai da almakashi, mu buɗe ƙananan ramukan iska na ƙasa da tsinke.

Kurfoti kam bai da wuya. A zubar da toka, amma a lura, garwashi kan ɓuya a cikinta har safe. A zungure ramukan da suka toshe, a dirje baƙin da yashi. Kada a bar jiƙaƙƙiyar toka a ciki, ita ke cin ƙarfen har gindin ya ɓule.