Godiya ga 'yan uwa da maƙwabta bayan rasuwar Baba

A madadin iyayenmu mata biyu da ke cikin takaba, da Baffanmu, da ƙannena maza da mata, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga daren da Allah ya karɓi ran Baba har zuwa ranar da aka naɗe tabarmin makoki. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci, ya jiƙan namu da naku da suka riga mu gidan gaskiya. Ba zan jero sunaye ba, domin da yawa daga cikinku sun roƙe ni kada in ambace su, kuma in na fara lissafi sai na tsallake wani. Amma akwai abu guda da gudunmawarku ta yi mana wanda ƙila ku kanku ba ku san kun yi ba, shi nake so in faɗa. Kun hana mu taɓa dukiyar marayu.

Baba ya rasu ranar Litinin bayan sallar isha'i, aka sa jana'iza ƙarfe tara na safiyar Talata. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, huɗu daga ciki ba su balaga ba. A daren nan wani ɗan uwa, da zuciya ɗaya, ya ce a ɗauko katin bankin Baba a ciro abin da za a yi hidimar baƙi, tun da gobe gida zai cika. Limamin unguwarmu yana zaune a soro, ya ce a dakata. Ya ce tun daga lokacin da numfashi ya yanke, kuɗin nan sun tashi daga na Baba, sun zama na magada, kuma a cikin magadan akwai yara huɗu da ba su isa su ce sun yarda ko sun yafe ba. Abin da shari'a ta yarda a fara cirewa daga dukiyar mamaci shi ne kuɗin shirya shi, wato likkafani da haƙa kabari da abin da ya shafe su, ba tare da almubazzaranci ba. Daga nan sai bashi, sai wasiyya in ya bari, ita ma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan a raba gado. Shinkafar masu gaisuwa ba ta cikin wannan jerin. Baffa ya karɓi katin ya sa a ambulan ya liƙe a gaban mutane, har yau kuma yana liƙe.

To, in ba a taɓa na Baba ba, da me za a yi? Ni dai albashina bai shigo ba, kuma jinyar asibiti ta riga ta share aljihun kowa. A nan ne kuka shigo.

Ƙarfe goma na dare ba wanda zai buɗe maka shago a Kantin Kwari, amma telan da ke bakin layinmu ya aiko da farin alawayyo, ya zo da kansa ya yanka shi yadda ake yi wa namiji, ya ce ba a sayar wa maƙwabci likkafani. Samarin majalisar ƙofar gidanmu, waɗanda Baba ya sha yi wa faɗa kan hira har tsakar dare, su ne suka tafi maƙabartar Ɗandolo bayan asuba suka tsaya da masu haƙa, suka haɗa kuɗin itace da ruwan kwaɓa ƙasa a tsakaninsu. Kwamitin masallaci ya kawo makara da tabarmi da butoci. Kafin mu dawo daga maƙabarta an kafa rumfa, an share layi, an yayyafa ruwa. Har yanzu ban san wanda ya biya kuɗin rumfar ba. Na tambayi mai ita, ya ce an hana shi faɗa.

Sai batun abinci, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Kwana uku cur ba a hura wuta a gidanmu ba sai don ɗumama ruwa. Malamai suna yawan tunatar da mu cewa lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Kowa ya san wannan, sai dai aiki da shi yana buƙatar tsari. Na ga gidajen rasuwa da ranar farko kuloli ashirin ke shigowa a lokaci guda da azahar, duk shinkafa da wake, rabi ya lalace saboda zafi kafin magariba, ranar ta uku kuma da daddare a rasa abin da za a ba baƙin ƙauye. Daga nan sai ka ga matar mamaci, idonta a kumbure, tana kwance bakin zani tana ba da kuɗin cefane.

Mu Allah ya haɗa mu da maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda muke kira Umma tun muna yara. Tun a daren ta bi gida-gida ta raba aiki. Gidaje uku na bayan layi su ne da kalaci, koko da ƙosai, rana ɗaya kuma waina da miyar taushe. Gidajen da ke fuskantar mu su ne da abincin rana. Tuwon dare ta bar wa kanta da kishiyarta, domin ta san 'yan uwanmu na Ɗambatta za su kwana, kuma tsofaffinsu ba sa jin sun ci abinci in ba tuwo da miyar kuka ba. Ta sa kowane gida ya rubuta alamarsa da jan farce a gindin kula don kada su cakuɗe. Abin da ya yi saura ba ya kwana, ana kiran almajiran tsangayar da ke kusa da mu su kawo robobinsu tun yana da ɗumi. Umma, ba ni da bakin gode miki. Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Waɗanda suka kawo ɗanye, ku ma kada ku ga kamar naku bai yi rana ba. A kwana ukun farko buhun shinkafa bai da amfani a gidan makoki, tun da yana neman itace da mai da hannun da zai dafa. Amma ranar ta huɗu, da aka kwance rumfa, kuloli suka daina shigowa, aka bar mata biyu da yara a gidan da mai cefanensa ya tafi, a ranar muka san darajarsa. Abokan kasuwancin Baba na Dawanau sun aiko da buhun gero da na masara da rabin buhun wake. Surukinmu ya kawo shinkafa da jarkar man gyaɗa. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma da wuya a gama rabon gado kafin ta yi nisa, to wannan hatsin shi zai riƙe gidan a tsakani.

Kuɗin hannu kuwa, ga yadda muka yi da su, domin haƙƙinku ne ku sani. Baffa ya riƙe littafi a wajen maza, Gwaggo ta riƙe a cikin gida. Ƙa'idar da Liman ya ba mu ita ce a bi niyyar mai bayarwa. Wanda ya shiga ya danƙa wa ɗaya daga iyayenmu mata, Hajiya ko Inna, a hannu ya ce ga wannan a sayi sabulu, nata ne, ba mu rubuta ba, ba mu tambaya ba. Wanda ya ce na yara ne, an ware shi da sunan ƙananan nan huɗu, kuma da shi aka biya kuɗin makarantarsu na wannan zangon. Wanda ya ce a yi hidima, shi ne ya shiga littafin Baffa, ya kama naira 640,000. A ciki an kashe 95,000 kan ruwan leda da kuɗin motar wasu tsofaffi da suka zo gaisuwa ba su da na komawa. An biya 185,000 da muka ranta a makon ƙarshe na jinya, bayan Baffa ya sanar da manyan da suka bayar sun ce a biya. Ragowar 360,000 an raba wa ɗakunan biyu daidai, don cefane. Kuɗin gaisuwa ba gado ba ne, saboda Baba bai taɓa mallakarsu ba, shi ya sa ba a raba su da lissafin gado ba. Na faɗi wannan ne domin na san gidajen da 'yan ɗaki biyu suka daina gaisawa a kan ambulan ɗin makoki, ba don yawan kuɗin ba, sai don ba wanda ya rubuta, kowa yana zargin kowa.

A littafin Gwaggo akwai naira 500 daga tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin masallaci. Ta ƙulle su a leda, ta ce Baba bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba. Gwaggo ta so ta mayar mata, Hajiya ta ce a karɓa, mayarwa cin fuska ne. Ina ganin Hajiya ce da gaskiya. Akwai kuma mai shagon kan kwana, wanda da aka yi sanarwar bashi kafin a tayar da sallar gawa bai ce komai ba, sai bayan kwana biyu ya kira ni gefe ya nuna mini shafin Baba a littafinsa, sukari da madara da sabulu na wata biyu, ya ja layi a kai ya ce ya yafe duniya da lahira. Na nace zan biya, ya ce in na ƙara magana zai yi fushi.

Masu kira daga nesa, da waɗanda suka turo ta banki ba tare da suna ba, da matan da suka kwana suna wanke-wanke, da yaran da suka yi ta jigilar butoci, duk mun gani. Abin da muke roƙo yanzu shi ne ƙafa. Zumunta a ƙafa take, kuma mai takaba ba ta fita sai da lalura, gidan da ya cika maƙil kwana uku yanzu shiru ne tun daga hantsi. 'Yan uwa mata, in kun sami sarari ku riƙa leƙo su Hajiya, ko da hannu rabbana.

Sanarwa biyu kafin in rufe. Akwai kuloli shida da faranti manya biyu da alamarsu ta goge, suna ɗakin Umma, mai su ya aiko a ɗauka. Sannan duk wanda yake bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, ko Baba ya ba shi ajiya, ko shi ya ba Baba, don Allah kada kunya ta hana shi. Ya sami Baffa a soro bayan sallar la'asar kowace rana, kafin malamai su zauna rabon gado. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.