Yafiyar da ba ta ƙetara ba

Wata takwas na yi a Kumasi, a gidan wasu dattawa Asante, ina koyon Ingilishi. Ana gobe zan komo Yamai, na zauna rubuta musu takardar godiya. Sai na jera ta kamar yadda muke sallama a gida: gaisuwa, addu'ar Allah ya saka da alheri, sannan roƙon su yafe mini duk abin da na yi musu.

Da safe uwar gidan ta same ni, takardar a hannu, fuska ba walwala. "Ɗana, me ka ɓata da ba ka faɗa mini ba?"

Nahawuna bai yi tuntuɓe ba. Manufar ce ta sauya a hanya. A Hausa, neman yafiya lokacin rabuwa ladabi ne, ba ya buƙatar laifi. A Ingilishin da na rubuta, sai ta karanta shi a matsayin amsa laifi. Harshen ma ya hana mini "ku" ta girmamawa, har na ji kamar takwarata nake rubuta wa.

Na sake wata, layi shida. Na ambaci daren da masassara ta kwantar da ni, ta kwana tana duba ni. Yafiyar kuwa, da baki na roƙa a tasha, bayan na bayyana mata al'adarmu.